Iyakar Asara Mai Bin Farashi: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Za Ta Bi Hawan Kasuwa Ba Tare da Lagwani Ya Fitar da Mutum Ba

Mece ce iyakar asara mai bin farashi, kuma mene ne lagwanin da ake cewa yana fitar da mutane daga ciniki?

Iyakar asara umarni ne da mai ciniki yake bar wa dillali cewa idan farashi ya sauko zuwa wani mataki, a sayar masa da abin da ya saya. Wadda take bin farashi kuwa, wato wadda ake gani da sunan `Trailing Stop` a manhajojin ciniki, ba ta zama wuri ɗaya: duk lokacin da farashi ya ƙara hawa sai ta matsa sama a bayansa, idan kuma ya sauko sai ta tsaya inda take.

A jadawalin kyandir, jikin kowane kyandir yana nuna farashin da aka buɗe da shi da wanda aka rufe da shi, siririn layin da yake fita sama ko ƙasa kuma yana nuna iyakar inda farashi ya taɓa kafin ya dawo. Wannan siririn layin shi ne lagwani. Dogon lagwani a ƙasa yana nufin farashi ya nutse na ɗan lokaci, wataƙila na minti biyu kacal, sannan masu saye suka maido shi. Matsalar ita ce umarnin da aka ajiye wa dillali ba ya jiran ya ga ko farashi zai dawo. Da zarar an taɓa matakin, an sayar, kuma mutum zai zauna yana kallon hawan yana ci gaba ba tare da shi ba.

Me ya sa iyakar da na sa a kan kashi biyu ko kashi biyar cikin ɗari take yawan fitar da ni?

Saboda lambar daga kai ta fito, ba daga kasuwar ba. Kowane abin ciniki yana da gwargwadon kai-komon da yake yi a kullum ko da babu wani labari, kuma wannan gwargwado ya bambanta ƙwarai: akwai hannun jarin da da wuya ya motsa kashi ɗaya cikin ɗari a yini, akwai kuma kuɗin kirifto da zai motsa kashi biyar safe da yamma ba tare da alkiblarsa ta canza ba. Idan iyakar tana cikin wannan fili na kai-komon yau da kullum, taɓa ta ba ya nuna cewa hawan ya ƙare, yana nuna cewa an yi ciniki ne kawai a ranar. Ko abu ɗaya ma yanayinsa yana sauyawa, ta yadda kashi biyar ɗin da ya yi faɗi a watan da kasuwa take kwance zai zama ƙunci a watan da ta ɗauki zafi.

To da me ake auna nisan da ya dace?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne `ATR`, wanda J. Welles Wilder ya gabatar a shekarar 1978. Ana fara lissafa ainihin faɗin motsin kowane kyandir, wato a ɗauki mafi girma cikin abubuwa uku: tazarar da ke tsakanin ƙololuwar kyandir da ƙasansa, tazarar da ke tsakanin ƙololuwarsa da rufin kyandir ɗin da ya gabata, da tazarar da ke tsakanin ƙasansa da wannan rufin. An sa rufin baya a cikin lissafin ne domin a kama tsallaken da farashi yake yi tsakanin rufe kasuwa da buɗe ta. Daga nan sai a fitar da matsakaicin wannan faɗi, galibi na kyandir 14.

Abin lura a nan shi ne lagwani yana cikin lissafin tun farko, domin ana auna daga ƙololuwa zuwa ƙasa ne, ba jikin kyandir kaɗai ba. Saboda haka abin cinikin da ya saba fitar da dogayen lagwani zai ba da `ATR` mai girma, iyakar kuma ta yi nisa da kanta.

Sanannen tsarin da aka gina a kan wannan ma'auni shi ne `Chandelier Exit` na Chuck LeBeau, wanda a yadda aka saba saita shi ake ɗaukar ƙololuwa mafi tsawo ta kyandir 22 a cire `ATR` sau uku. Ninki ɗaya ko ɗaya da rabi yana cikin kai-komon yau da kullum, ninki biyar kuma yana sa mutum ya mayar da riba mai yawa kafin ya fita, shi ya sa masu bin hawa suka fi tsayawa tsakanin biyu da rabi zuwa uku da rabi. Uku mafari ne mai kyau, amma ba doka ba ce.

Daga ƙololuwar farashi za a auna, ko daga rufi mafi tsawo?

Wannan tambaya ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci, domin mutane suna tsoron lagwanin ƙasa su manta cewa na sama ma yana yin ɓarna. A ɗauka farashi yana rufewa a wajen 112, `ATR` kuma 2.5 ne, ninki uku ya zama 7.5. Idan aka auna daga rufin, iyakar tana 104.5. Amma idan wata rana farashi ya yi tsalle ya taɓa 118 sannan ya dawo ya rufe a 112, tsarin da yake auna daga ƙololuwa zai ja iyakar zuwa 110.5, kuma tunda ba ta komawa ƙasa, a nan za ta zauna. Yanzu tazarar da ta rage tsakaninta da farashi 1.5 ce kawai, ba ta kai motsin yini ɗaya ba. Lagwanin sama ne ya ɗaure ta, saukowa kaɗan kuma za ta fitar da mutum.

A ganina, ga wanda damuwarsa lagwani ce, aunawa daga rufi mafi tsawo tun ranar da aka shiga cinikin ya fi. Lissafin a taƙaice shi ne:

```
sabo  = rufi_mafi_tsawo - 3 * ATR
iyaka = max(iyakar_jiya, sabo)
```

Layi na biyu shi ne yake hana iyakar saukowa. Ana buƙatarsa domin `ATR` yana kumbura bayan kowace rana mai zafi, kuma idan babu wannan sharaɗi, lissafin zai riƙa sassauta iyakar daidai lokacin da haɗari ya ƙaru.

An ce a jira kyandir ya rufe kafin a fita. Shin wannan ba ganganci ba ne?

Jiran rufi shi ne maganin lagwani kai tsaye, domin lagwani a ma'anarsa farashi ne da bai tsaya ba har zuwa rufi. Dokar ita ce ba a sayarwa don farashi ya taɓa iyakar, sai idan kyandir ya rufe a ƙasa da ita. Wanda yake aiki da jadawalin yini yana duba sau ɗaya a rana, wanda yake aiki da na awa huɗu kuma yana duba duk bayan awa huɗu. A manhajar TradingView ana iya saita ƙararrawa a kan `Once Per Bar Close` domin kada ta yi ƙara sai bayan rufi.

Sai dai yana zama ganganci idan shi kaɗai aka dogara da shi. A lokacin da farashi yake nutsewa babu wanda zai iya bambance lagwani da faɗuwa ta gaske, sai bayan an rufe ake sani, kuma idan ta gaske ce, farashin da za a samu a lokacin ya fi na iyakar muni, wani lokaci da nisa sosai. Shi ya sa ake haɗa iyaka biyu. Ta farko, wato iyakar rufi, tana cikin lissafin mai ciniki, a ninki uku, kuma rufi ne kaɗai yake tayar da ita. Ta biyu, wato iyakar gaggawa, umarni ne na zahiri da aka ajiye wa dillali a can ƙasa, a misali ninki biyar, wadda taɓawa kawai take tayarwa, aikinta kuma shi ne ta tsayar da asara ranar da kasuwa ta rushe ko ranar da mutum ba ya kusa da na'urarsa. Ita ma ana matsar da ita sama duk lokacin da aka matsar da ta farko.

Ya kamata kuma a san wane rufi ake nufi. A kasuwar hannun jari akwai lokacin tashi sananne. A kasuwar canjin kuɗi yawancin dillalai suna rufe kyandir ɗin yini da ƙarfe biyar na yamma agogon New York, a kasuwar kirifto kuma galibi da ƙarfe sha biyun dare agogon UTC. Jadawali biyu masu lokacin rufi daban za su iya nuna abu ɗaya a matsayin lagwani a nan, rufi a ƙasa da iyaka a can, don haka a zaɓi guda a tsaya a kansa.

Za a iya bin misali ɗaya daga shiga har fita?

A ɗauka mutum yana da jarin dala 20,000, kuma ya yanke cewa ba zai yi kasadar fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a ciniki ɗaya ba, wato dala 200. Ya sayi wani hannun jari a kan 100 lokacin da `ATR` yake 2. Iyakar rufi za ta fara a 94, iyakar gaggawa kuma a 90. Tunda ta gaggawar ce take nuna asarar da zai iya yi idan abu ya ɓaci, da ita zai lissafa yawan abin da zai saya: 200 a raba da 10, ya ba da hannun jari 20.

Bayan wasu makonni rufi mafi tsawo ya kai 112, ƙololuwar da aka taɓa 113 ce, `ATR` kuma ya zama 2.5. Iyakar rufi ta hau zuwa 104.5, ta gaggawa zuwa 99.5. Sai wata rana, bayan rufin jiya a 111, farashi ya taɓa 111.5, ya nutse zuwa 103.8, sannan ya dawo ya rufe a 110. Wanda ya sa iyakar kashi biyar cikin ɗari daga ƙololuwa, tasa tana 107.35, an fitar da shi. Wanda ya sa ninki uku amma a matsayin umarnin taɓawa, shi ma an fitar da shi a wajen 104.5. Mai jiran rufi kuwa yana nan, domin 110 tana sama da 104.5, kuma lagwanin bai kai 99.5 ba.

Faɗin motsin wannan rana 7.7 ne, wanda ya ɗaga `ATR` zuwa kusan 2.87 a lissafin Wilder. Sabon lissafi zai ba da kusan 103.4, ƙasa da iyakar jiya, saboda haka iyakar ta zauna a 104.5.

Hawan ya ci gaba har rufi mafi tsawo ya kai 126 da `ATR` na 3, iyakar rufi ta zama 117, ta gaggawa 111. Daga nan farashi ya fara saukowa a hankali, wata rana ya rufe a 116.2, washegari aka sayar a 115.5 da buɗe kasuwa. Ribar ta zama 15.5 a kan kowane hannun jari, jimilla dala 310, kuma an mayar da 10.5 daga rufi mafi tsawo. Wannan mayarwar ba kuskure ba ce a cikin tsarin, domin iyakar da take da faɗin da zai tsallake lagwanin 103.8 ba za ta iya fitar da mutum kusa da ƙololuwa ba.

Adalci ne kuma a duba ɗaya fuskar. Da a ce a ranar nutsewar farashi bai dawo ba, ya rufe a 101, to mai jiran rufi zai fita da kusan 3.5 ƙasa da wanda aka fitar a 104.5, wato dala 70 a kan hannun jari 20. Abin da ake biya ke nan domin kariya daga lagwani, kuma ana biyansa ne a duk lokacin da faɗuwar ta zama ta gaske.

Idan iyakar ta yi nisa haka, ai asarar ma za ta yi girma?

Za ta yi girma ne kawai idan ba a rage yawan abin da aka saya ba. A misalin da ya gabata, da mutumin ya sa iyaka mai tazarar 2 zai iya sayen hannun jari 100 da kasadar dala 200 ɗin, amma da tazarar 10 ya sayi 20 kacal. Kuɗin da ke cikin haɗari ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne yawan damar da aka ba farashi ya yi kai-komo. Tsarin da ya dace shi ne a fara sanin inda iyaka ya kamata ta kasance, sannan a lissafa girman cinikin daga nan. Mutane da yawa suna yin akasin haka: su sayi adadin da suke so, su ga asarar iyaka mai nisa ta fi ƙarfinsu, sai su matso da ita kusa, inda lagwanin farko zai same ta.

Ga masu ciniki da kuɗin aron dandali akwai ƙarin abin dubawa. Idan matakin da dandali zai rufe cinikin da ƙarfi yana sama da iyakar gaggawa, to duk lissafin nan ba shi da amfani, domin lagwani zai isa can tukuna, kuma dandali ba ya jiran rufin kyandir.

Shin ba ya fi kyau a sa iyaka ƙarƙashin kwarin da farashi ya yi na baya-bayan nan ba?

Hanya ce mai ma'ana, tunda hawa a asalinsa jerin kwari ne da kowane ya fi na baya tsawo, kuma karyewar na ƙarshe alama ce ta gaske. Rauninta shi ne kowa yana ganin wannan kwarin, don haka umarnin sayarwa yana taruwa dab da ƙasansa. Haka abin yake a ƙarƙashin cikakkun lambobi irin 100 ko 50,000; binciken da masaniyar tattalin arziki Carol Osler ta wallafa a 2003 a kan umarnin abokan cinikin wani banki a kasuwar canjin kuɗi ya nuna cewa umarnin tsayar da asara yana taruwa ne jim kaɗan bayan irin waɗannan lambobi. Idan farashi ya taɓa wurin, umarnin suna tashi tare, kowace sayarwa tana tura farashi ƙasa ta tayar da ta gaba, da sun ƙare kuma sai farashi ya dawo. Lagwani da yawa haka suke samuwa, ba sai an ce wani ne yake farautar iyakar mutum ɗaya ba.

Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya bar rata ta rabin `ATR` zuwa guda a ƙarƙashin kwarin, kuma kada ya matsar da iyaka zuwa sabon kwari sai farashi ya rufe sama da ƙololuwar da ta gabace shi, domin kafin nan ba a tabbatar kwarin ya kammala ba.

Me ya sa aka fitar da ni alhali a jadawali farashi bai taɓa iyakata ba?

Abu na farko da za a duba shi ne wane farashi ne yake tayar da umarnin. A dandalin kirifto irin Binance, a sashen `Futures`, ana iya zaɓar `Last Price` ko `Mark Price`. Na farko shi ne cinikin ƙarshe a wannan dandali kaɗai, wanda babbar sayarwa guda za ta iya jan sa ƙasa na daƙiƙoƙi, na biyu kuma an gina shi a kan farashin dandamali da dama, don haka lagwaninsa ya fi gajarta. Idan jadawalin yana nuna ɗaya, umarnin kuma yana bin ɗayan, dole a ga saɓani. A kasuwar canjin kuɗi kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa tana buɗewa a lokacin rufin New York da lokacin fitar manyan rahotannin tattalin arziki, jadawalin da mutum yake kallo a wata manhaja kuma ba lallai ne ya nuna abin da ya faru a farashin dillalinsa ba.

Zan iya barin manhaja ta riƙa matsar da iyakar da kanta?

Za a iya, amma a san abin da take yi. `Trailing Stop` na yawancin manhajoji yana bin ƙololuwa ne da tazara tsayayya, ta maki ko ta kashi cikin ɗari, kuma taɓawa ce take tayar da shi, wato ya haɗa duk raunin da aka ambata a sama. A MetaTrader kuma yana aiki ne a na'urar mai ciniki ba a sabar dillali ba, ta yadda idan aka rufe manhajar ko intanet ya yanke, iyakar za ta daina matsawa, sai `Stop Loss` na ƙarshe da aka riga aka saita ne zai rage. Ga mai aiki da jadawalin yini, matsar da iyaka da hannu sau ɗaya bayan rufi aiki ne na mintuna kaɗan.

Iyakar gaggawa tana tabbatar da farashin da zan fita?

A'a. Da zarar an taɓa ta tana komawa umarnin sayarwa a kan duk farashin da aka samu. A ranar 15 ga Janairun 2015, da babban bankin Switzerland ya janye matakin 1.20 da ya daɗe yana karewa tsakanin yuro da faran, masu saye sun ɓace na ɗan lokaci, aka cika umarnin mutane da yawa nesa ƙwarai da inda suka sa shi. A ranar 6 ga Mayun 2010 ma hannayen jarin Amurka sun nutse cikin mintuna suka farfaɗo, bayan an riga an sayar wa masu irin wannan umarni a ƙasa. Ana iya amfani da `Stop Limit` domin a ƙayyade mafi ƙarancin farashin da za a karɓa, amma idan farashi ya tsallake wannan matakin ba za a sayar ba sam, mutum zai ci gaba da riƙe abin yana faɗuwa. Ga iyakar da aka sa domin ranar rushewa, fita a farashi maras daɗi ya fi rashin fita.

Ta yaya zan gane cewa ninkin da na zaɓa ya yi ƙunci ko ya yi faɗi?

Ana ganewa daga tarihin abin da ake cinikinsa, a kan jadawalin da ake aiki da shi. A koma baya a nemo lokutan hawa da dama, a kowanne a auna zurfin kowace saukowa da hawan ya tsallake, daga rufi mafi tsawo zuwa rufi mafi ƙasa, a raba da `ATR` na lokacin. Idan mafi yawansu sun tsaya ƙasa da ninki biyu da rabi, to uku ya wadatar. A sake yin awon da ƙasan lagwani maimakon rufi, wannan kuma shi zai nuna inda iyakar gaggawa ya kamata ta zauna.

Bayan an fara aiki da tsarin, a riƙa rubuta abin da farashi ya yi a kyandir goma da suka biyo bayan kowace fita. Idan a yawancin lokuta yana komawa ya wuce ƙololuwar baya, iyakar ta yi ƙunci. Idan kuwa ba ya komawa, amma ana mayar da fiye da rabin ribar da aka gani kafin a fita, ko dai ta yi faɗi ko kuma hawan wannan abin ba ya yin tsawon da zai biya irin wannan tsari. Fita biyu ko uku ba su isa a yanke hukunci ba, kuma lambar da ta yi fice ita kaɗai a gwajin tarihi, misali 2.8 ta ba da riba mai yawa alhali 2.6 da 3.0 sun ba da asara, abin zargi ce, domin alama ce ta dacen da ba zai maimaitu ba.

Idan lagwani ya fitar da ni duk da haka, sai kuma farashi ya ci gaba da hawa fa?

Wannan zai faru, musamman idan lagwanin ya kai iyakar gaggawa, don haka a rubuta dokar komawa tun kafin a shiga cinikin. Mai sauƙi ita ce a sake saye idan kyandir ya rufe sama da rufi mafi tsawo na baya, a ɗauke shi a matsayin sabon ciniki: a lissafa iyakoki biyun daga `ATR` na ranar, wanda ya riga ya kumbura saboda lagwanin, a kuma lissafa girman cinikin daga sabuwar tazarar, ko da hakan na nufin sayen ƙasa da adadin da aka riƙe da farko.